Ƙofar Banɗakin Baba

Ni dai har yau in na tuna yadda muka taru muka mai da Baba maƙaryaci a cikin gidansa, sai in ji kunyar kaina. Mutumin da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar, ya miƙe da ƙyar, kuma abu ɗaya tak ya roƙe mu, wato a bar shi ya yi wankansa da kansa. Abinci a ba shi a baki, bai damu ba. Maɓallin riga a ɓalla masa, ya gode. Amma wanka, ya ce wannan tsakaninsa ne da Ubangijinsa.

Banɗakin ba shi da taga, kuma a ƙarshen wani lungu mai duhu yake. Makunnin wutar yana sama, ta ɓangaren hannun da ya mutu. Don haka Yaya, babban wanmu, wanda haɗa kayan lantarki ne sana'arsa, ya zo da wasu 'yan na'urori guda biyu masu kunna wutar da kashe ta da kansu. Ɗaya ya liƙa a saman ƙofa, rabi a jikin ƙyaure mai maganaɗisu a ciki, rabi a jikin katakon da ke riƙe da ƙofar. In sun haɗu, an rufe ke nan, in sun rabu an buɗe. Ɗayar kuma ya kafa a bangon ciki tana kallon ƙofa, tana gane motsin jikin mutum ta ɗuminsa.

"Auta, tsaya ki ji," ya ce da ni, don Yaya ba ya aiki sai da mai saurare. "In an rufe ƙofa, sannan aka ga motsi a ciki, to akwai mutum. Ba shi da mafita sai ƙofar nan, saboda haka ko barci ya yi wuta ba za ta mutu ba. Amma da zarar an buɗe, wancan tabbaci ya rushe, wataƙila ya fita. Sai ta koma jiran motsi. In 'yan mintuna suka wuce ba ta ga komai ba, ta kashe."

Na ce ya yi kyau. Kuma ya yi kyau ɗin.

Ba a jima ba Baba ya fara ƙorafi. Yana zaune a kujerar roba a bayan labulen wanka, sabulu a jiki, sai duhu ya rufe shi. Ya ƙwala kira, Mama ta sheƙo daga kicin, ni kuma in biyo ta daga ɗaki. Kafin in iso, ga wuta nan fes, ga Baba yana lalube da hannunsa mai lafiya, ya kifar da bokiti.

"Ta mutu, na ce muku ta mutu!"

"To ga ta nan, Malam," in ji Mama, cikin muryar nan ta lallashin yara da nake ƙi.

Aka kira Yaya. Ya shiga, ya rufe ƙofa, ya zauna a kujerar Baba a bayan labule, bai ko motsa ba, har shayin da na haɗa masa ya huce. Wuta ba ta ko ƙifta ba. Ya fito yana karkaɗe wando, ya ja mu gefe, ya rage murya, wai ko dai idon Baba ne, ko kuma ciwon ya fara taɓa tunaninsa. Aka kai shi wurin likitan ido, aka ce idonsa ƙalau. Sai maganar ta koma kan tunani, kowa yana faɗa da ƙasa-ƙasa, kamar Baba kurma ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai, har da ni. Ranar da ya riƙe hannuna ya ce, "Auta, ke ma ba ki yarda da ni ba?" sai na ce, "Na yarda mana, Baba," ina kallon silifas ɗinsa.

Aka yanke shawara a falo, Baba yana zaune a wurin, cewa daga mako mai zuwa wani ma'aikacin jinya zai riƙa zuwa yana yi masa wanka. Tun daga nan Baba ya rage cin abinci.

Ana gobe mutumin zai fara zuwa, ina lungun ina jera tawul a cikin kantar kaya, na ga Baba ya shiga, ya tura ƙofa da kafaɗa har ta yi ƙaras. Da ƙarar ruwa ta fara, sai ga Mama ta taho a sanɗa, ba ta lura da ni a bayan murfin kantar ba. Ta murɗa hannun ƙofar a hankali, ta buɗe kamar faɗin yatsa biyu, ta cusa wani tsumma a ƙasa don kada ta koma, ta juya kicin abinta.

Na tsaya ina kallon siririn hasken da ke fitowa ta tsagar. Ba a jima ba ya ɗauke.

Baba ya yi kira. Mama ta zo da gudu ta banka ƙofar, na'urar bango ta gan ta, wuta ta kawo. Amma daga inda ta taho, babu yadda za a yi a ce ba ta ga tsagar nan baƙi ƙirin ba.

Na bari har Baba ya sa kaya, na kira Yaya a waya na ce ya bar duk abin da yake yi ya zo. Da ya ji bayanin tsumman a gaban Baba da Mama sai ya dafe kai.

"Ai shi ke nan! Ƙofa a buɗe, na'ura ba ta da tabbacin kowa, kuma ba ta gani ta bayan labule. Mama, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Kai kuma me ya sa ba ka tambaya ba?" na ce. "Ka gwada da kanka, ka ga ta yi maka daidai, sai ka ɗora wa ubanka hauka?"

"Auta, iya bakinki."

"Ba zan iya ba!"

Mama ta ce ita don ta ji in ya faɗi take buɗewa, kuma wa zai ga laifinta, ita da ta tsince shi a ƙasa ranar da ciwon ya same shi? Ban ga laifinta a wannan ba. Yaya ya shiga lissafa gyara, zai ƙara wata na'urar a bayan labule, zai tsawaita jiran. Baba ya ɗaga hannu ya dakatar da shi. Matarsa yake kallo.

"Kin ga duhun?"

Mama ta sunkuyar da kai.

"Tambayarki nake. Duk ranakun nan, kin gani?"

"Na gani," ta ce, hawaye na zubo mata. "Da fari ban gane ba. Da na gane, sai na ce gara a samo mai yi maka, in huta da fargaba. Malam, kullum ka shiga can raina a hannuna yake."

Wallahi na so in yi ihu, na kuma so in rungume ta, na rasa wanne zan fara.

Baba ya ce Yaya ya sallami ma'aikacin jinyar, ya kuma bar na'urarsa yadda take. Washegari da hantsi ya rataya tawul a kafaɗa, ya dogara sandarsa har bakin banɗakin, sannan ya waiwayo.

"Auta, ɗauko kujera ki zauna nan. Kada kowa ya taɓa mini ƙofa."

Bai ambaci suna ba. Na ɗauko kujera na zauna, ina gadin ƙofar ubana daga uwata. Da ruwa ya fara zuba sai ga ta ta fito daga kicin. Ta tsaya a gabana, ta dubi hannun ƙofar, ta dube ni. Ban matsa ba. Sai ta durƙusa a kan simintin lungun, ta jingina kunnenta da ƙyauren.