Kartar Alkasum

Alkasum tela ya rasu a zaune, a rumfar shagonsa da ke Zango a Damagaram, bayan la'asar, yana tsakar karta da abokansa. An ɓamɓare karta uku daga hannunsa: baƙaƙen sarakuna biyu da jar bakwai. Ƙanensa Mutari ya ɗora su kan sauran, ya ɗaure da zare. A shekarar 1958 ke nan.

Bayan sadakar arba'in suka koma rumfar. Mutari ya cuɗa yadda ya saba, yana zaro guntu-guntu daga hannun dama yana zubawa a hagu, ya raba uku-uku. Nomau direba ya buɗe nasa. Sarakuna biyu da jar bakwai. Ya ajiye su ƙasa, aka tattara. Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu.

Ran da suka sake zama, ukun nan suka faɗo hannun Mutari. Ya baje su a tabarma.

"Alkasum ne ke zagaya mu," in ji Nomau. "Nemo ashana mu ƙone kartar."

Kolo, tsohon soja da ya yi yaƙin Indoshin, ya miƙo hannu. "Ba ni nan. Mutari, kai ba cuɗawa kake ba, ƙaura kake musu gida-gida. Guntu ya tashi da mutanensa, ya sauka da su. Sai ka yi dubbai kafin maƙwabta su rabu sarai. Kuma kullum tare kuke mai da ukun."

Ya raba kartar biyu, ya lanƙwasa gefunan da manyan yatsu, ya sake su suka shige juna, firrr.

"A jirgin ruwa na koya. Wannan ɗaya: tsohon jerin ya zama zare biyu a saƙe, kowane na nan bi da bi. In na sake, huɗu. Takwas, sha shida, talatin da biyu. Karta hamsin da biyu ce, sai a na shida lissafin zaren ke wuce yawanta. Ko a nan da saura. Bakwai ake yi."

Suna ƙirgawa a ransu. A na biyar Mutari ya ji kamar ya riƙe masa hannu: abin da ya rage na wasan yayansa ne ke watsewa. Bai motsa ba.

Kolo ya cika bakwai, ya raba. Mutari ya duba nasa, tarkace ne, na Kolo ma haka. Babu sarki, babu jar bakwai.

Nomau ya ɗaga gefen nasa kaɗan, ya daɗe yana kallo. Ya kife su a tabarma, ya sa takalmi.

"Me ka samu?" Kolo ya tambaya.

"Ina da lodin gyaɗa a Mirriya."

Ya tafi bai waiwayo ba. Kolo ya kai hannu zai juya su, sai ya tsaya, ya dubi Mutari. Har aka kira magariba suna zaune, ukun na kife a tsakaninsu.