Minti Ukun Zahara'u

A yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, karatun na wasu kawai na iya. Wannan ne ya hana ni sakat.

Sati biyu Zahara'u ta yi tana bitar jawabinta da agogon waya, har ya tsaya cif a minti uku, iyakar abin da masu ba da tallafin suka ware wa kowane ƙauye. Ita ce sakatariyar kwamitin ruwa na ƙauyensu da ke bayan Kwandiko. Gida ɗari biyu da goma, rijiya ɗaya, ita ma tana ƙafewa tun kafin bazara ta yi nisa. Bohol mai sola suke nema, kuma ƙauye biyu za a zaɓa cikin goma sha ɗaya.

Da aka kira su a zauren taron na Birnin Kudu, sai Baffa Badamasi, yayan mahaifinta kuma shugaban kwamitin, ya riga ta miƙewa.

"Bari in gaishe su tukuna. Ba a shiga gona ba sallama."

Mai kula da lokaci ya danna waya.

Baffa ya gaida Hajiyar da ke shugabantar alƙalan. Ya gaida na damanta, ya tambayi gajiyar hanya, ya isar da gaisuwar dagaci. Zahara'u na tsaye a bayansa, takardar masu binciken ruwa ta jiƙe da gumi a hannunta. Minti ɗaya ya tafi. Ta yi gyaran murya, bai ji ba. A gidansu ko kallon idonsa ba a yi, balle a tari numfashinsa. Ya shiga tarihin wanda ya sari garin.

"Saura sakan arba'in," in ji mai lokaci.

"Baffa, ka zauna."

Ita kanta ba ta san muryarta ta kai haka ba. Baffa ya juyo ya dube ta, ya tattara babbar rigarsa, ya zauna.

Ta zubar da mafi yawan jawabin. Ta ce an yi bincike, akwai ruwa a mita sittin kusa da firamare. Mai filin ya bayar a rubuce. An koya wa mutum biyu gyara. Kowane gida zai riƙa ba da na gyara duk wata. Wayar ta yi ƙara.

"Wannan takardar filin muke so," Hajiya ta ce. "Malam, 'yarka ce?"

"'Yar ƙanena ce," Baffa ya amsa, idonsa a ƙasa.

Mota ɗaya ta kawo ta da Baffa, ita za ta mayar da su ƙaramar hukumarsu ta Gwaram, kujera ɗaya ma. Zahara'u ta ajiye takardar filin a kan tebur. Ana kiran mutanen ƙauyen Kangire, ana jan kujeru, ta bi jikin bango ta sulale, ta nufi tasha da ƙafa neman wata motar.