Wa Zai Ce wa Maiwada Ya Fita?

Ci biyu da nema 'yan Shinkafi suka yi mana kafin alƙalin wasa ya hura usur na hutun rabin lokaci. Wasan kusa da na ƙarshe ne a gasar ƙungiyoyin yankinmu, shekara guda bayan ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, kuma a Zurmi aka kai mu don kada kowa ya ce gidan wani ne. Mutanen Ƙaura Namoda mota uku suka ciko suka biyo mu. Da muke fitowa daga fili ko ɗaya bai kalle mu ba, sun duƙufa cin rake kamar abin da ya kawo su ke nan.

Ni ne Jamilu, lamba huɗu. Abokin tsayuwata a tsakiyar baya shi ne Maiwada, kyaftin ɗinmu, mai shekara talatin da shida, wanda ya fara buga wa Ƙaura ƙwallo ina aji biyu a firamare. Kuma shi ne yayan Rashida, matata. Ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba.

Duka ƙwallayen biyu ta hanya ɗaya suka shiga. Maiwada ya san gudunsa ya ragu, saboda haka sai ya riƙa ja da baya, taku goma a bayanmu, wai kada a wuce shi. To, dokar satar gida ba ta san girma ba: muddin akwai ɗan baya ɗaya da gola tsakanin ɗan gaba da layin ƙarshe a lokacin da aka bugo masa ƙwallo, ba laifin da ya yi. Lamba taran Shinkafi, wani siririn yaro ɗan Badarawa, ya gane haka tun minti biyar. Sai ya shige bayanmu ya tsaya a filin da Maiwada ya buɗe masa, a ɗago masa ƙwallo, ya karɓa a natse, ya juya ya fuskanci dattijon shi kaɗai. Sau biyu ya wuce shi kamar an kafa turke.

Masu shirya gasar sun tsara a yi sallar la'asar a cikin hutun, don haka muka yi alwala a gurguje muka bi sahu ɗaya da mutanen da suka gama wulaƙanta mu. Ana sallamewa, Alhaji Ɗanbaba, shugaban kulob, ya tare kocinmu Na'Allah a gaban kowa.

"Koci, ka hidda tsohon ga," in ji shi. "Ya gama yayi nai. Ga yara nan bisa benci."

Maiwada ya ji, mu ma mun ji. Ya zauna a gindin darbejiya ya fara kwance igiyar takalminsa a hankali. Kowa ya san abin da ya sha faɗa, cewa ranar da aka cire shi a tsakiyar wasa, ranar ya bar ƙwallo. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban so mutumin nan ya ƙare a haka ba, a garin mutane, da ci biyu a wuyansa.

Na'Allah tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, gajere, mai sanƙo, kuma agogo yake bi a komai. Ya duba hannunsa. Minti shida suka rage. Ya ce wa Alhaji, "Na jiya, Alhaji," ya wuce shi. Bai ce mana uffan ba sai da kowa ya sha ruwa ya tsotsi lemo, numfashi ya dawo. Dokarsa ce: ɗan wasan da ke haki ba ya jin magana. Mu kuwa mun sunkuyar da kai muna jiran ruwan faɗa.

"Ku ɗago kanku," ya ce. "Wa ya mutu?"

Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ci gaba.

"Sau nawa sunka buga ƙwallo wajen ragarmu? Na ƙirga, sau ukku. Mu sau biyat, guda ta bugi ƙarhe. Ba su hi ku ba. Ƙohwa guda sunka samu buɗe, ita sunka bi. Mu ruhe ta mu ga abin da ya rage musu."

Ya tsinci kara ya durƙusa. Ya ja layi a ƙasa, ya jera duwatsu uku a kai, ya ajiye na huɗu can baya. Ya jefa ɓawon lemo a tsakani.

"Ga lamba tara. Nan yake kwana, nan yake tashi. Jamilu, kana ganin ramin ga?"

"Ina gani, Koci."

"Tun yaushe?"

"Tun hwarko."

"To mi ya hana ka ce ma na bayanka shi hito?"

Na ce, "Koci, Yaya na hwa."

Ya juya ga lamba biyu. Shi kuma ya ce Maiwada kawunsa ne, ƙanen mahaifiyarsa. Lamba uku ya ce a shagonsa ya koyi gyaran keke, shekara huɗu yana cin tuwon gidansa. Na'Allah ya dafe sanƙonsa da hannu biyu.

"La'ilaha illallahu! Ni na ɗauka 'yan baya na jera, ashe taron suna na haɗa. Suruki, da ɗa, da yaron shago! Kowa na ganin gida na cin wuta, kowa na jin nauyin tada mai gida."

Dariya ta kuɓuce wa Ammar, lamba taranmu, sai ta bi kowa. Har Maiwada sai da kafaɗarsa ta motsa. Wallahi a wannan dariyar na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina.

"Maiwada, ɗaure takalminka," in ji Koci. "Ba ƙahwarka ta ci mu ba, ladabin yaran ga na. Mutum na baya ba ya ganin layi in ba a hwaɗa mai ba. Safwan!"

Safwan golanmu ne, dogo mai bakin tsiya, kuma taubashin Maiwada, ɗan goggonsa. Tun suna yara suke tsokanar juna, duk shekara sai sun yi rigimar wanda zai ba wani kuɗin shara. A duk Ƙaura shi kaɗai zai ce wa Maiwada tsoho mai ciwon gwiwa a zauna lafiya.

"Kai ba ka jin nauyi nai ko?"

"Wanga? Bawana na, Koci."

"Madalla. Yau na ba ka shi. Kai ka ganin hili duka daga baya. In ƙwallo ta yi baya, ko mun buge ta ta yi nisa, ka ce, hita! Ku huɗu ku taka gaba tare, taku biyat, kahwaɗa da kahwaɗa, ku bar lamba tara shi kaɗai. Amma in mai ƙwallonsu ya ɗaga kai ba kowa kusa da shi, kada wanda ya hita, ku ja baya tare. Kun ji bambancin?"

Muka ce mun ji. Ya juya ga Nagoggo, ɗan tsakiyarmu, ya ce lamba takwas ɗinsu ne ke ɗago ƙwallayen nan, ya manne masa kada ya bar shi ya ɗaga kai ko sau ɗaya. In 'yan baya sun matso, tazarar da ke tsakaninsu da 'yan tsakiya za ta rufe, duk ƙwallon da ta faɗo tamu ce.

"Kada wanda ya yi tunanin ci biyu. Guda nika so, cikin minti goma sha biyat. In ta shiga, ku dubi huskokinsu." Ya jefar da karan. "Kyaftin, akwai magana?"

Maiwada ya gama ɗaure igiyarsa ya miƙe. Ya ce, "In mun shiga hili babu yaya, babu kawu. Wanda ya ga na yi baya shi yi man tsawa." Muka ce to, amma a raina na san bakina ba zai iya ba.

Minti uku da komawa aka ji muryar Safwan har bakin kasuwar Zurmi. "Hita, tsoho! Hita, ko sai an kawo maka sanda?" Muka taka gaba mu huɗu. Aka ɗago ƙwallo, mai tuta ya ɗaga tutarsa, ɗan Badarawa ya tsaya yana buɗe hannuwa. Aka sake, aka sake kama shi. A karo na uku mutanenmu suka ajiye rake suka kama amshi, duk lokacin da Safwan ya buɗe baki sai mota uku ta ɗauka: "Hita, tsoho!" Maiwada yana gudu yana dariya yana nuna wa Safwan yatsa.

Nagoggo ya hana lamba takwas sakat. A minti na goma sha biyu ya ƙwace ƙwallo a ƙafarsa, ya zura wa Ammar, Ammar ya sa ta a kusurwa. Na dubi fuskokin 'yan Shinkafi kamar yadda aka ce, na ga sun fara yi wa juna faɗa. Ta biyu daga bugun kwana ta zo, aka yi cakwakiya a bakin raga, lamba ukunmu mai gyaran keke ya tura ta da gwiwa. Ta uku Ammar ne kuma, saura minti bakwai. Alhaji Ɗanbaba ya cire hularsa yana juya ta a sama, yana gaya wa na kusa da shi cewa dama shi ya ce a bar Maiwada.

Saura minti ɗaya suka samu kwana. Aka bugo, Safwan ya yi tsalle ya naushe ta waje, ya faɗo a kan haƙarƙarinsa, numfashinsa ya ɗauke. Ƙwallo ta tafi wajen lamba takwas, ya karɓe ta yana ba mu baya, Nagoggo na kansa. Lokacin fita ke nan. Ni da sauran biyu muka taka. Na waiga, sai ga Maiwada a tsaye kusa da ƙarfen raga yana duban taubashinsa a ƙasa, ga lamba tara a gabansa shi kaɗai. Safwan ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Lamba takwas ya fara juyowa.

"Maiwada! Hita, don Allah, hita!"

Ni ne na faɗa, da sunansa, da iyakar ƙarfina. Ya zabura ya yi tsalle uku ya wuce yaron, sannan aka bugo ƙwallon. Lamba tara ya sa ta a raga ya ruga yana murna, amma tuta tana sama tun kafin ya taɓa ta. Ba a daɗe ba aka tashi, uku da biyu.

Mutane suka cika fili. Na hango Maiwada yana ratsa su yana nufo ni, sai na rasa inda zan sa kaina, na durƙusa na hau gyaran safar da ba abin da ya same ta. Ya kama ni ya ɗaga, ya riƙe kafaɗuna har sai da na kalle shi ido cikin ido, karo na farko tun da na auri ƙanwarsa. Idanunsa sun cika da ƙwalla, bakinsa kuwa har kunne.

"Shekara ukku kana gaishe ni kana kallon ƙasa," ya ce. "Ashe kana da murya haka?"

"Yaya, ka yi haƙuri."

"Haƙurin mi? Ranar Asabar wasan ƙarshe, kuma ni za ni buga shi. Ka zo da muryar ga."