Gidajen da ke Bakin Hanya

Shekarar da gwamnati ke tattara komatsanta daga Legas zuwa Abuja, katafila ta iso wani ƙauye a bayan Jiwa, ta tsaya tana huci. Magdalene, tafintar kamfanin da ke yin hanyar, 'yar ƙauyen ce, shi ya sa Oga Lawal, shugaban aikin, ya miƙa mata takardar gwamnati ta karanta wa mutanenta.

Takardar ta ce: "Za a rushe gidaje da rumbunan da ke bakin hanya."

"Gaya masu duk gidaje za su tafi," in ji Oga Lawal. "Rumbu kuwa, na bakin hanya kawai."

Ruwa ba ya tsami banza. Oga fili yake so na ajiye motoci, kuma ga jimla ta ba shi ƙofa. Don gaskiya karatunsa bai karya Hausa ba. Wannan "da ke bakin hanya" tana iya tsayawa kan rumbuna kaɗai, tana kuma iya haɗawa da gidajen. A karatunsa gida arba'in ne za su faɗi. A ɗayan, biyar.

Magdalene ta ji tsoro ƙwarai, don aikin nan da kyar ta same shi. Amma ta sa yatsa a layi na ƙasa.

"Oga, karanta nan. 'Sauran mazauna su hana yara zuwa wurin aiki.' In an rushe duka, su wane ne sauran? Kajinmu?"

"Madam, ba lakca na ce ki yi ba."

"To dubi rumbunmu." Ta nuna masa. A ƙauyen, rumbu a tsakar gida yake, ɗakuna kewaye da shi. "Ka rushe gida, ka bar rumbu tsaye da dawa a ciki, wa zai ci? Wanda ya rubuta bai nufi haka ba. In kana shakka, koma ofis ka tambaye shi, yana da rai."

Tambayar nan ce Oga ba ya so. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce in ta faɗa masu nata karatun, kada ta zo aiki gobe.

Magdalene ta juya ga jama'a, ta ɗaga murya, ta faɗa da Hausa, ta sake faɗa da Gbagyi, yaren ƙauyen: gida biyar, na bakin hanya.

Tsoho Yamusa, mai unguwar, ya miƙe. Ya ja kujerarsa ya zauna a ƙofar gida na shida. Mata suka biyo da turame, suka hau daka a gefensa.

Habibu direban katafila ya leƙo. "Oga, ina zan tsaya?"

Oga Lawal ya yi ta juya takardar.

"Inda tsohon nan yake zaune," in ji Magdalene. Ta cire katin kamfanin daga wuyanta, ta ajiye a kan motar Oga, ta je ta karɓi taɓarya.