Mako Uku Ba Hannun Dama

Ranar da likita ya sa mata lokacin aikin da za a yi mata a wuyan hannun dama, ba wuƙar ce ta fara faɗo wa Mai Zane a rai ba, Mai Sabulu ne. Shekara huɗu tana zana masa takardun da ake mannawa a kwalaben man shafawa da kwalayen sabulu, daga ɗan teburinta na falo, kuma bai taɓa barin ta kai ƙarshen magana ba.

Ana saura wata guda a yi aikin, ta same shi a masana'antarsa, inda ƙamshin lemun tsami ke sa baƙo atishawa. Yana ofis, yayarsa kuma, wadda a gaskiya ita ke juya kamfanin, tana gefe tana duba samfur.

"Yallaɓai, daga sha biyar ga watan gobe ba zan yi aiki ba har mako uku. Za a yi mini aiki a hannu."

"Subhanallahi! Wane hannun?"

"Na dama."

"To ai da sauƙi, ƙanwata, ga na hagu nan."

"Da na hagu ko shayi na ɗauka sai na yi wanka da shi."

Sai ya tambaya ko ba za ta riƙa yi wa mijinta bayani shi yana danna kwamfutar ba. Ta ce mijinta bai san bambancin shuɗi da kore ba. Ya ce to a roƙi likita ya ɗaga, shi zai kira shi da kansa. Nan Yaya ta ɗago ta kalle shi ta saman tabarau, ya gyara zama.

Mai Zane ta buɗe littafinta. Ayyuka biyu ne a hannunta. Takardar sabon man shafawa za ta turo ran uku ga watan, ya aiko da gyaransa kafin ran bakwai, ta miƙa na ƙarshe ran goma don maɗaba'a ta samu lokaci. Ɗan littafin tallan kayansu kuwa, da aka shirya ran ashirin, sai mako biyu bayan ta dawo. In wani abin gaggawa ya taso, ga lambar wata abokiyar sana'arta da ta yarda ta tsaya mata.

"Na yarda, na yarda!" in ji shi. "Magana ta ƙare."

"Zan turo a rubuce, sai ka amsa a rubuce."

"Haba! Ni da ke har sai da takarda?"

Tana isa gida ta tura saƙon, kwanan wata bi da bi. Amsa ta zo: saƙon murya na minti tara, rabinsa labarin yadda aka yi wa kawunsa aikin gwiwa. Ta sake roƙo. Ya turo hoton babban yatsa. Ta ce kalmomi take so. Ya turo hoton yatsa biyu da fure.

A kwana na uku sai ga rubutu: "Na amince da ranakun nan duka." Ƙasa kaɗan kuma: "Ni ce Yaya. Shi ya rubuta, ina tsaye a kansa."

Ran uku ta tura zanen. Ran bakwai ta zo ta wuce, ba gyara. Ta tuna masa, ya ce ya yi kyau matuƙa, kada a taɓa ko ɗigo. Ran goma ta miƙa, maɗaba'a ta karɓa.

Ran sha huɗu da hantsi tana haɗa jakar asibiti, wayarta ta yi ƙara.

"Ƙanwata, na yi mafarki! A cire furen da ke takardar man nan a sa raƙumin dawa. Mai dogon wuya, alamar man yana kaiwa ko'ina."

"Yallaɓai, ranar gyara ta wuce da mako guda."

"Wa ya ce?"

"Kai. Duba saƙon."

Ta ji yana shafa waya yana gunaguni, yana karanta ranakun ɗaya ɗaya kamar mai neman wadda za ta tausaya masa. Daga nesa muryar Yaya ta ce, "An riga an buga dubu biyar. Ka ce mata Allah ya ba da lafiya, ka ajiye wayar."

"Allah ya ba da lafiya," ya faɗa a sanyaye. "Amma ko ɗan ƙarami ne, a kusurwa..."

Aka katse.

Aikin hannu ya yi kyau. Mako ukun nan sau ɗaya kawai ya kira abokiyar sana'arta, wai ko ita ta iya zana dabbobi. Ta ce ta iya, amma Yaya ta riga ta gargaɗe ta.

Da Mai Zane ta dawo ta miƙa littafin talla a ranarsa. A shafi na shida, kusa da sabulun jarirai, ta sa masa raƙumin dawan. Ya kira yana murna, sannan ya ce wuyan ya yi tsawo.