Batu na Biyar a Ajanda

An dakatar da Audu Ɗan Juma daga aikinsa na mai kula da sito a ranar Talata da yamma, awa uku bayan taron da masu binciken asusu suka yi da shugabannin Tarayyar Manoman Rani ta Gulbi Biyu. Takardar dakatarwar layi huɗu ce. Ta ce buhu 412 na takin zamani sun fita daga sito ba a shigar da su a katin lissafin kaya ba, kuma masu bincike da kansu ne suka tabbatar.

Wannan ya faru a Talata Mafara cikin ranin 1982, lokacin da ruwan dam ɗin Bakolori ke bin sababbin magudanai kuma kowane manomi na neman taki. Tarayyar na raba taki da iri ga mambobinta daga Morai har Bakura da Tsibiri. Oditoci biyu aka turo mata daga Sakkwato: Malam Jibrin Nagode, wanda ya shekara ashirin da ɗaya a aikin, da mataimakinsa Balarabe, mai iyali, ɗan shekara arba'in da ba ya iya ɓoye abin da ke ransa. Sun yi mako uku suna kwana a gidan sauka, suna wuni cikin ƙurar sito.

Abin da suka gano ba shi da wuyar fahimta. Dokar tarayyar ta ce buhu ba ya fita sai da bauca, wato takardar izinin fitar da kaya, mai lamba da sa hannun mutum biyu, sannan mai sito ya rubuta lambar a kati. Amma manajan tarayyar, Alhaji Yari, yakan yagi 'yar takarda ya rubuta "a ba shi ashirin", ya sa hannu, ya aika. Audu ba ya iya ƙin ba da kaya, kuma ba ya iya cika kati tunda babu lambar da zai rubuta. Sai ya riƙa tara takardun a wani tsohon gwangwanin madara a bayan sikeli. Guda talatin da bakwai ne. Da Balarabe ya haɗa su, buhu 412 suka ba shi cif.

Babu injin ɗaukar kwafi a ofishin. Balarabe ya kwafe su da hannu cikin takardun aikinsa, kwanan wata da adadi da sunan wanda aka ba, ya mayar wa Audu gwangwaninsa.

Ranar Litinin da hantsi, ana gobe taron, suka zauna tsara ajandar taron kammala bincike. A irin wannan taron ne odita ke gaya wa shugabanni abin da ya gani, su tabbatar ko su musanta, su faɗi matakin da za su ɗauka da wanda zai ɗauka da ranar gamawa, kafin a rubuta rahoto. Jibrin ya rubuta batu biyar: godiya da iyakar binciken, abubuwan da aka samu daidai, katin sito da bai dace da kayan da ke ƙasa ba, yoyon rufin sito da rashin abin kashe gobara, sai fitar da kaya ba bisa ƙa'ida ba.

Balarabe ya karanta, ya tura masa takardar.

"Malam, na uku da na biyar abu guda ne. Ka raba uwa da ɗiya."

"Na sani."

"To a haɗe su, a kai su sama. Mafi nauyi shi aka fara faɗi, kai ka koya min."

"A Sakkwato na koya maka," in ji Jibrin. Ya cire tabarau ya murza idanu. "Nan in ka fara da laifin babba gaban na ƙasa da shi, ya rufe kunne, sauran duk ka yi wa bango. Ka yaba masa tukuna, ka ba shi ƙanana ya amsa, bakinshi ya saba da 'mun yarda'. Sannan ka kawo babbar."

"In mun kai can."

"Batu biyar ne, Balarabe. Ba izu sittin ba."

Da la'asar Jibrin ya je ofishin Alhaji Yari shi kaɗai. Ƙa'idar aikin ce kada shugaba ya fara jin babban laifi a tsakiyar taro. Ya gaya masa maganar takardun, da adadinsu, da inda suke. Alhaji Yari ya saurara yana jan tasbaha. Ya ce manoma ne ke zuwa masa ruwa na gona taki babu, akanta mai sa hannu a bauca kuma ya tafi Gusau, shin ya bar alkama ta ƙone don lamba? Jibrin ya ce wannan amsa ce, ya faɗe ta gobe a rubuta. Alhaji Yari ya nemi ya ga ajandar. Ya duba ta sama da ƙasa, ya ce tsarin ya yi, Allah ya saka da alheri.

An sa taron ƙarfe goma sha ɗaya na Talata, ranar kasuwar garin. Shugaban kwamitin tarayyar, Malam Ɗan Asabe, dattijo daga Maradun, bai iso ba sai sha biyu saura. Aka yi gaisuwa: gajiya, gida, iyali, zafi, ruwan gona. Akanta da sakatare suka shigo aka sake sabuwa. Mutum biyu da suka zo cin kasuwa daga Morai suka leƙo gaishe da manaja, aka ba su kujera da ruwa. Jibrin ya fara magana sha biyu da rabi. Audu na zaune bakin ƙofa, makullan sito a cinyarsa.

Jibrin ya yi godiya, ya faɗi watannin da binciken ya shafa, ya ce ba su zo neman laifin kowa ba, tsari suka zo dubawa. A batu na biyu ya yaba rajistar mambobi da yadda ake ajiye rasit. Ya ware wa wannan minti biyar. Alhaji Yari ya karɓe shi ya yi kusan rabin awa yana ba da tarihin yadda aka kafa tarayyar a ƙarƙashin wata tsamiya.

Batu na uku ya zo ƙarfe ɗaya da kwata. Jibrin ya karanta a hankali: kati ya nuna buhu 412 fiye da abin da aka ƙirga a ƙasa.

"Mun yarda ɗari bisa ɗari," in ji Alhaji Yari kafin ya ajiye takardar. "Sakatare, rubuta. Gudanarwa ta amince, za a ɗau mataki yau."

"Ranka ya daɗe, dalilin wannan yana batu na biyar," in ji Balarabe.

"To ai za mu kai, Malam Balarabe. Ajandarku ce, ba tawa ba. Ko a tsallake?"

Malam Ɗan Asabe ya juya wajen ƙofa. "Audu, haka ne? Ba ka rubuta ba?"

Audu ya zame daga kujera ya durƙusa. Ya dubi manaja, ya dubi Jibrin. "Ban rubuta ba, Baba. Amma akwai..."

"Za a zo wurin," in ji Jibrin, da muryar kwantar da hankali. Audu ya koma kujerarsa.

Rufin sito ya ci minti talatin da biyar. Aka yi gardama kan kwano ko kwalta, da wane kafinta ne ya cuce su bara. Akanta ya tafi neman wata takardar farashi bai same ta ba. Jibrin ya duba agogo sau biyu. Sau ɗaya ya ce, "In an yarda mu wuce," manaja ya ce a'a, maganar gobara ba abin wasa ba ce, a gama ta. Fanka ta tsaya da aka ɗauke wuta. Malam Ɗan Asabe ya fara gyangyaɗi.

Ƙarfe biyu saura kaɗan aka kira sallar azahar a masallacin bakin hanya. Alhaji Yari ya rufe fayil ɗinsa.

"Baƙinmu sun gaji, mu ma mun gaji. Abin da anka faɗi duk mun karɓa. Baba, a yi muna addu'a."

Dattijon ya farka ya ɗaga hannu. Kowa ya ɗaga. Jibrin ya buɗe baki, amma an riga an fara salati, kuma ba a katse dattijo yana addu'a. Ya ajiye biro ya ɗaga nasa hannun. Aka roƙa wa tarayya albarka, aka roƙa wa baƙi sauka lafiya, aka shafa fatiha. A nan, zaman da aka shafa wa fatiha ya tashi ke nan. Wanda ya sake ɗaga magana bayanta kamar ya ce addu'ar ba ta karɓu ba ne.

Duk da haka Jibrin ya gwada, a wajen saka takalma.

"Alhaji, saura batu guda. Ko bayan salla, minti goma."

"Wallahi da na so. Ta'aziyya gare mu Maradun, ni zan kai Baba gida. Ka sa a rahoto, Malam Jibrin, mu amsa a rubuce. Ba haka aka yi ba?"

Haka ake yi. Jibrin ya saka takalmansa.

Da la'asar sakatare ya kawo bayanin taron an buga shi a tafireta. Batu huɗu, kowanne da amsar gudanarwa. Jibrin ya ƙara da biro a ƙasa, "Batu na biyar ba a tattauna ba," sannan ya sa hannu. Ƙarfe biyar aka ba Audu takardarsa, aka karɓi makullan aka ba wani ƙanen akanta.

Audu ya same su a gidan sauka washegari suna ɗaure fayiloli a bayan mota. Ya gaishe su cikakkiyar gaisuwa, har ya tambayi gajiyar jiya.

"Malam, kun ce za a zo wurin."

"Yana cikin rahoto, Audu. Ba a cire ba."

"Yaushe rahoton?"

"Daftari mako biyu. Su kuma a ba su kwana goma sha huɗu su amsa."

Audu ya yi lissafi da yatsu. Shekararsa goma sha ɗaya yana riƙe da sito, tun ana auna gyaɗa. Ya ce a kasuwa jiya har an fara cewa ya sayar da taki ya yi wa ɗiyarsa kayan ɗaki.

"Gwangwanin fa?" in ji Balarabe. "Ka ɗauko shi?"

"Ba su bar ni na shiga ba. Ko butata tana ciki."

Balarabe ya dubi Jibrin. Jibrin yana ta jan igiyar fayil, wadda ta riga ta ɗauru. A hanya, bayan sun wuce mararrabar Bakura, Balarabe ya ce kwafin hannu ba sa hannun manaja ba ne, Jibrin ya ce ya sani.

An aika daftarin rahoton daga Sakkwato ranar da aka faɗa, batun fitar da kaya a shafin farko, haɗe da na katin sito. An kuma nemi a aiko da takardun nan talatin da bakwai na asali. Wa'adin amsa ya cika wata ranar Alhamis, ya wuce. Gurbin amsar gudanarwa yana nan babu komai, Audu na gida ba albashi, sabon mai sito kuma ya ce shi bai ga wani gwangwani a bayan sikeli ba.