Jakar Mai Hoton Fure

Manaja suke kiranta a gida, har Baba, wai don ita ke riƙe da wayar shago. Manajar da ba ta da ko kujera! A kan wani tsohon bokitin gam take zama, tsakanin tarin fatu da teburin da Baba ya tsufa yana ɗinkin jakunkuna a kansa.

Da hantsi wani sharhi ya faɗo a shafin shagonsu na intanet, a ƙarƙashin hoton jakar da suka fi alfahari da ita. Wata mata ce mai hoton fure a madadin fuska.

"Macuta kawai! Ku dubi abin da suka aiko min. Ɗinki kamar tafiyar ɗan giya, hannu ya tsinke tun fitar farko. In makaho ne ke muku ɗinki ku faɗa wa mutane gaskiya."

Ta haɗa da hoto, kuma hoton bai yi ƙarya ba.

Manaja ta ɗago ta dubi Baba. Yana ta ƙoƙarin zura zare a basilla, ya kai ta kusa da hanci, ya nisanta, ya sake kawowa. Tun bara idonsa ke ja da baya, shi kuma ko sunan asibiti ba ya son ji. Wannan tebur shi ne rayuwarsa tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma ta sani sarai ranar da aka tashe shi daga kansa, an gama da shi. Shi ya sa duk ƙorafin da ya shigo take tarewa, ta lallaɓa mai shi zuwa saƙon sirri, ta karɓo jakar ta farke ta gyara a ɗakinta. Baba bai taɓa ji ba. Ta gaji, wallahi ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya saukewa.

Auta, ƙanwarta, ta leƙo ta kafaɗarta ta karanta.

"Kan uba! Makaho? Yaya, ba ni wayar nan in wanke ta tas."

"Rage murya."

"To goge shi mana. Ki toshe ta, kowa ya huta."

"In goge, ta saka hoton sharhin a shafinta ta ce mun ɓoye? Ai irinsu kafin su aika sun riga sun ɗauka. Kuma jakar ta tsinke ko ba ta tsinke ba?"

Auta ta turo baki ta koma yankan fata, almakashi na ƙara kamar da shi ake rigimar.

Manaja ta soma rubutu. Ta rubuta cewa wataƙila kaya aka cika wa jakar, ta goge. Ta rubuta cewa ba a zagin dattijo, ta goge wannan ma, ko da yake shi ne abin da ke ci mata rai. Ba da mai furen kaɗai take magana ba, akwai masu karatu shiru, waɗanda ba sa cewa komai amma su ne masu sayen gobe. Daga ƙarshe ta bar wannan:

"Sannu, Hajiya. Mun ga hoton, kuma bai kamata jaka ta fita daga hannunmu a haka ba. Ki yi haƙuri. Mun aiko miki da saƙo don mu ji inda za a karɓo ta, mu gyara ko mu sauya miki, ba sai kin saka lambarki a nan ba."

Ta tura saƙon sirrin, ta ajiye waya a cinya. Ko ruwa ba ta kai ga sha ba wayar ta sake motsi.

"Ƙarya! Ba saƙon da na gani. Haka suke yi don a ce suna da kirki."

Sai ga 'yan kallo sun fara taruwa. Wani ya saka fuskar dariya, wata ta ce ita ma zif ɗin tata ya karkace. Manaja ta dafe goshi. Laifinta ne wannan karon. Matar ba ta bin shafinsu, saƙon nasu ya faɗa can inda manhaja ke jibge saƙonnin baƙi, inda ba ya ƙara, ba ya nunawa. Ta san da haka, gajiya ce ta mantar da ita. Ta sake amsawa a fili, a gajarce:

"Kina da gaskiya, ba zai fito miki kai tsaye ba. Ki duba wajen saƙonnin waɗanda ba ki bi, yana can. Ko ki turo mana kalma ɗaya, muna jira."

Can sai ga ta a saƙon sirri, kuma kamar ba ita ba. Babu "macuta", babu makaho. Ta ce wa mahaifiyarta ta sayi jakar, tsohuwar ta rataya ta tafi ganin likita, hannun ya tsinke a bakin titi, magunguna suka watse, ga ta ba ta iya sunkuyawa. Ta ce ita gyara bai dame ta ba. "Kowa ya iya rubuta a yi haƙuri. Ni wanda ya ɗinka nake son ji daga bakinsa."

Manaja ta fara rubuta cewa ba ya nan.

"Manaja," in ji Baba, bai ɗago ba. "Wannan ta yau mai zafi ce, ko?"

Ta dakata da rubutun. "Wace, Baba?"

"Haba 'yar nan. Duk ranar da kika yi shiru a kan bokitin nan, washegari sai in tarar da basillata ba inda na ajiye ta ba. Karanta min."

Ta karanta masa na sirrin, ta tsallake na filin. Auta ta ajiye almakashi.

"A nan mutane nawa ke ji?" ya tambaya.

"Ita kaɗai."

"To danna min abin maganar."

Ta durƙusa kusa da shi, ta danne alamar da yatsa, ta kai wayar bakinsa. Ya yi gyaran murya.

"'Yata, ni ne mai ɗinkin. Ki ba Hajiya mahaifiyarki haƙuri, ki ce baduku ya gaishe ta. Ba ha'inci ba ne. Idona ne ya tafi, layin ɗinki ba na ganinsa, da hannu nake lalube. Ban faɗa wa kowa ba, ko 'ya'yana. Babbar 'yata za ta ɗinka miki wata, hannunta ya fi nawa yanzu."

Manaja ba ta saki alamar ba sai da ya gama. Abin da ta shekara tana tarewa kada ya shiga kunnensa, ga shi ya fito daga bakinsa, zuwa ga baƙuwar da ko fuskarta ba su sani ba. Tausayinsa ya kama ta, har da ɗan haushi.

Mai furen ta saurara, alama ta nuna. Ta turo adireshi, ta ce a gaishe da Baba. Sharhinta na fili ba ta goge ba, illa ta ƙara a ƙasa: "Mun yi magana." Manaja ta amsa da godiya, layi ɗaya, don masu karatu su ga inda maganar ta tsaya.

Baba ya dafa tebur ya miƙe, ya tura mata kujerarsa da ƙafa.

"Zauna. Hannun jakar a ninka shi biyu, tsohuwa ce za ta riƙe."

Ta zauna. Kujerar da ɗumi. Shi kuma ya laluba ya sami bokitin gam ya zauna a kai, ya miƙo hannu.

"Kawo wayar in riƙe miki. In ta yi ƙara sai in faɗa miki."